Kurakuran jeren ɗaki da ke jawo funfuna da damina

Mu Sakkwatawa zafi da ƙura muka sani, shi ya sa idan ana jeren ɗaki babu mai tuna danshi. Ana yin jere a watan Maris ko Afrilu, bango a bushe ƙayau, a jingina komai da shi, a yi guɗa a watse. Ruwa ya sauka a Yuni, malka ta kankama a Agusta, ƙasa ta ƙoshi, bango ya fara tsotson ruwa daga tushe. Kafin Satumba ta ƙare sai ka ji ana cewa kafinta ya cuci amarya. Na gaji da jin wannan magana, domin sau da yawa laifin masu jere ne.

Babban kuskuren shi ne manna wadirob da bango. Funfuna tana son wuri mai laima da iska ba ta ratsawa, tana kuma son abin ci, wato katako, takarda, fata, auduga da ƙura. Bayan wadirob ɗin da aka manna ya haɗa duka. Yawancin na yanzu da garin katako da aka matse ake yin su, bayansu kuwa falle ne siriri da ba a shafa wa komai ba. Yana shan laima kamar soso, ya kumbura, kuma idan ya kumbura ba ya komawa yadda yake.

Ɗakin ɗiyata a Mabera ne ya sa maganar nan take yi mini zafi. Ranar jere na ce a janye wadirob daga bangon da ya haɗa ɗakin da bayi. Wata gwaggonta ta ce mini: «Haba Yaya, ɗakin amarya ne fa, a bar rata a baya ai muni ne.» Aka yi yadda suke so. Ƙarshen Agusta yarinya ta kira ni, ta ce: «Inna, kayana duk wari suke yi, na sa turaren wuta har na gaji.» Da muka janye wadirob ɗin, bangon ya yi baƙi daga ƙasa har kusan gwiwa, fenti ya yi bororo, falle na baya ya yi laushi har yatsa na shiga. Takalman fata da jakunkunan lefe da ke gidan ƙasa sun yi kore-kore, atamfofin da ke jingine da baya sun yi ɗigo-ɗigon baƙi da wanki bai fitar ba. Kuɗin da muka tara shekaru muka zuba a kayan nan.

Ga abin da muka yi, kuma shi nake sa kowa ya yi. Da farko mun gano daga ina ruwan yake. Mun yanki farar leda faɗin kamu ɗaya kowane gefe, muka manna ta a bango da salatif, muka rufe gefunan huɗu ruf, muka bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a cikin ledar ta wajen bango, ruwan daga bangon yake fitowa. Idan a saman ledar ta taru, iskar ɗakin ce ta cika laima. Namu a ciki ta taru. Mai gyaran famfo ya zo ya tarar tayil ɗin bayin ya buɗe a kusurwa, ruwan wanka na bi ta nan. Sai da aka toshe wannan, domin matsar da kaya ba ya hana bango yoyo. Sannan muka mayar da wadirob bangon da ke tsakanin ɗakin da falo, muka bar rata ta yatsu huɗu zuwa tafin hannu, wato kamar santimita 7 zuwa 10, kafinta ya sa masa ƙafafu ya ɗaga daga ƙasa yadda tsintsiya za ta shiga, ya canja falle na baya ya huda masa ramuka sama da ƙasa.

Ƙa'idata ke nan: kaya masu nauyi a bangon ciki, ba bangon bayi ba, ba kuma bangon waje da ruwan indararo ke duka ko lambatu ke bi ta gindinsa ba. A nan hadari daga gabas ya fi tasowa, don haka bangon gabas na fi dubawa. Idan ɗakin ƙarami ne dole sai a can, to a ƙara rata, kuma kada a rufe saman wadirob da akwatuna har rufi.

Na biyu, wanda har faɗa nake yi a kansa, shi ne shimfiɗa leda a kan siminti, a ɗora kafet bango zuwa bango, sannan a jefa katifa a kai. Don Allah wa ya koya muku wannan? Simintin da ba a sa masa leda a ƙarƙashi lokacin gini ba yana fitar da laimar ƙasa. Idan a buɗe yake, laimar na bushewa ba ka ma sani ba. Kin rufe shi da leda, ruwan ya rasa hanya, ya kwanta. Katifa kuma daga sama gumin mai barci take sha kowane dare. Ki ɗaga kusurwar ledarki yau ki shinshina. Idan kin ga simintin ya yi duhu ko yana santsi, kin ga amsa. A irin wannan ɗakin yara masu asma da mura ke kwana, ana ta sayen magani.

Ni a ɗaki mai danshi ba na yarda da kafet ɗin da aka manne. Darduma ko tabarma da za a naɗe a kai rana ta fi mini. Katifa ta hau gado mai sandunan katako da rata a tsakani, ba allo rufaffe ba. Wanda ba shi da gado ya jingine katifar da bango kowace safiya na awa ɗaya ko biyu, ranar da rana ta fito a kai ta waje. Ƙarƙashin gado kuma ba sito ba ne. Kwalayen takarda su ke fara ruɓewa, a sa kaya a robobi masu murfi bayan sun bushe sarai.

Takardar ado ta bango, musamman mai fuskar roba, ba ta da wuri a bango mai laima: funfuna na cin gam ɗin ta baya, ba za ki gani ba sai ta fara ɓantarewa. Haka fenti mai mai a kan sabuwar filasta. Sabon gini na ɗaukar watanni kafin ya bushe, amma saboda an sa rana sai a yi fenti a jera kaya cikin mako guda.

Labule mai kauri ninki biyu ya tsaya kafin ya taɓa ƙasa, a riƙa zuge shi da rana. Kujera kada ta toshe taga. Hoto da madubi a sa musu ɗan abu a baya don su saki bango. Shanya a cikin ɗaki an rufe ƙofa, a daina. Turaren wuta ɓoye wari kawai yake yi.

Ba kowane fari-fari a bango ne funfuna ba. Idan gari ne mai ƙyalli da ke narkewa a ruwa, gishirin bulo ne, amma shi ma shaida ce ruwa na bi ta bangon. Funfuna tana da wari, kuma ɗigon bilic na dusar da launinta cikin minti ɗaya ko biyu. A tayil da bango ina wanke ta da sabulu, in bi da bilic kashi ɗaya a ruwa kashi goma, taga a buɗe, da safar hannu da takunkumi. Kada a haɗa bilic da ruwan kal ko maganin wanke masai, hayaƙinsa guba ne. Kada kuma a kankare ta a bushe, ƙurarta za ta cika ɗaki. Katifar soso da funfuna ta shiga cikinta, da katakon da ya riga ya kumbura, ba sa wankuwa, sai dai a fitar da su. Bayan wanki a kunna fanka tana fuskantar bangon, kada a mayar da kaya sai an sake gwajin leda an ga ta fito a bushe.