Yadda ake ƙirga saurin waƙa da ƙafa da agogon waya

A fadarmu ta unguwar Birni, nan Damagaram, muna jiran shayi na biyu, gardama ta kaure kan wata waƙar biki mai kalangu. Na ce saurinta 104 ne, wani ƙanenmu mai koyon haɗa kiɗa ya rantse 156 ne. Dukanmu mun ƙirga, amma ba abu ɗaya muka ƙirga ba.

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Tempo shi ne saurin kiɗa, wato bugu nawa ke faɗawa cikin minti ɗaya, abin da manhajar kiɗa ke rubutawa BPM. Ma'aunin kiɗa kuwa, irin 4/4 ko 3/4 ko 6/8, yana faɗin yadda aka ɗaure bugun ƙulli-ƙulli ne. Waƙa mai 4/4 tana iya jan ƙafa a 70, wata ta ruga a 140, ma'auninsu ɗaya.

Fara da saurin. Kunna waƙar, ka bar ƙafarka ta sami takunta da kanta, inda mai rawa zai taka. Kada ka bi bakin mawaƙi, kada ka bi kwalliyar makaɗi. In takun ya zauna, buɗe agogon wayarka, ka danna shi daidai kan wani taku, ka kira wannan takun sifiri. Wanda ya fara da "ɗaya" ya yi wa lissafinsa ƙari. Ƙirga har sakan 30, ka ninka biyu. Ni 52 na samu, 104 ke nan. Wasu kan yi sakan 15 su ninka huɗu, sai dai kuskuren taku ɗaya tak ya zama huɗu. Maimaita a tsakiyar waƙar, don makaɗin hannu yakan ƙara wuta in fili ya yi zafi.

Sai ma'aunin, shi ba ya bukatar agogo. Saurari bugu mai nauyi da ke dawowa, ka kira shi ɗaya, ka ƙirga har ya sake zuwa. Huɗu, galibi 4/4 ne, uku, 3/4.

Inda aka kayar da ƙanenmu shi ne 6/8. A can taku biyu ne manya, kowane ya rabu uku: ƊAYA-biyu-uku, HUƊU-biyar-shida. Ƙafata na kan manyan biyun. Shi kuwa tafin mata ya bi, wanda a waƙar nan ke faɗawa sau uku a tazarar takuna biyu. Ɗauki 104 ka ƙara rabinsa, 52, ga 156 ɗinsa.

Saboda haka in lissafinku ya saɓa, ku gwada lambobin. In ɗaya ninkin ɗaya ne, kamar 104 da 208, wani ya ƙirga rabin taku. In ɗaya da rabi ne, ku koma ku saurari ko kiɗan mai rabuwa uku ne.