Ɓ, ɗ, ƙ da ts: kurakuran da ake yi wajen gane daga ina iskarsu take fitowa

Kuskuren da na fi ji a bakin ɗalibai shi ne wai haɗiyau, wato ɓ da ɗ, ana yin su ne ta hanyar shaƙar iska zuwa cikin huhu. A'a fa, huhu ba ya zuƙar komai a nan. Gwada ka ce "ɓera" kana jan numfashi ciki ka ji, abin da zai fito sai ka ce wanda aka shaƙe.

A tsayau na yau da kullum irin su b, d, k, huhu ne ke turo iska, ka tare ta a leɓe ko hanƙa, wato bayan haƙoran sama, ko hanɗa, wato can bayan rufin baki, ta taru, ka sake ta ta fashe. Amma a haɗiyau da tunkuɗau maƙogwaro ne da kansa yake aikin, wannan ƙashin da ke motsi a wuya in ka haɗiyi yawu. Ka ɗauka sirinji ne da ka toshe bakinsa da yatsa, in ka danna iskar ciki ta matsu, in ka ja baya iskar ta yi saƙwa-saƙwa. Maƙogwaro ya hau sama, tunkuɗau kenan, ƙ da ts. Ya sauka ƙasa, haɗiyau.

To mu ɗauki "kafa" da "ƙafa", don a nan ne kuskure na biyu yake, masu koyo suna ɗauka ƙ ai k ce kawai da aka ƙara wa ƙarfi, sai ka ga mutum yana yunƙuri tun daga ƙirji har jijiyar wuya ta tashi amma k ɗin ce dai take fitowa, sai ƙarin huci. Wasu kuma su tura harshe can baya kamar mai furta ƙaf ta Larabci, alhali ƙ da k wuri ɗaya suke, bayan harshe ya manne da hanɗa. Abin da ya bambanta su shi ne a ƙ ƙofa biyu ake rufewa lokaci guda, hanɗa a sama, maƙwallato a ƙasa, wato 'yar ƙofar da ke tsakanin tantanin murya a cikin maƙogwaro, ya rufe gam, sai maƙogwaro ya yi sama ya matse 'yar iskar da ta maƙale a tsakani, harshe ya saki, ta fita ƙat, bayan nan ne maƙwallato zai buɗe wasali ya biyo. Shi ya sa in ka saurara da kyau akwai ɗan gajeren shiru tsakanin ƙ da a.

Gyaran mai sauƙi ne. Riƙe numfashi kamar za ka ɗaga kaya mai nauyi, kada ka sake, sannan ka yi ta ƙoƙarin yin k ba tare da wasali ba, yatsanka a kan maƙogwaro. In sauti ya fito kuma ka ji ƙashin ya yi tsalle sama, ƙ ce. In kuwa ka ji huci mai ɗumi yana ta zuwa a tafin hannu, huhu ya sa baki, sake daga farko. Haka ts take, ba t da s ba ne aka jera, rubutu ne kawai ya ba ta haruffa biyu, "sara" da "tsara" bambancinsu rufewar maƙwallaton nan ce. Kuma tunda a rufe yake ruf tantanin ba ya karkarwa, don haka tunkuɗau ba su da ziza, wato amon da karkarwar tantanin ke bayarwa, ko a Hausa ko a Amharik ko a yaren Jojiya.

Haɗiyau kuwa sun fi rikitarwa, a ganina ma nan ne malamai ke ɓata wa ɗalibai lissafi. Ana ce musu iska tana shiga ciki, sai su kara takarda a baki suna jiran ta manne da leɓe in sun ce "ɓari", in ba ta manne ba su ce ba su iya ba. Ba za ta manne ba ɗin. Lokacin da maƙogwaro ke sauka maƙwallato ba a rufe yake gam ba, tantanin yana karkarwa, iskar huhu tana ɗan silalowa ta cike gurbin da aka samu, saboda haka iskar da ke shigowa daga waje kaɗan ce ƙwarai, wani lokaci ma babu. A Hausa musamman ɓ da ɗ sukan zo da 'yar maƙurarriyar murya fiye da zuƙa mai ƙarfi, ba kamar Sindhi ta Pakistan ba mai haɗiyau har huɗu da ake jin su sarai.

Ka ajiye takardar, ka tsaya gaban madubi. Rufe leɓe ka ja b ɗin "bari" da tsawo, za ka ga kumatu suna cika, muryar tana raguwa har ta mutu saboda iska ta rasa wurin zuwa. Yanzu ja ta "ɓari", kumatu ba sa kumbura, ƙashin wuya yana gangarawa ƙasa. Ka maimaita da "daka" da "ɗaka", amma ka bar kan harshe a hanƙa inda d take, ba sai ka murɗa shi baya sosai ba, wuyan za ka zuba wa ido.