Neman ɗage ranar ganawa a ofishin biza saboda rashin lafiya: inda ake yawan kuskure

Mu da ke Kaduna, ganawar biza tafiya ce sukutum. Ofisoshin jakadanci da cibiyoyin karɓar takardu irin su VFS Global galibi suna Abuja ne da Legas, don haka sai mutum ya yi sammako zuwa tashar Rigasa ya hau jirgin ƙasa zuwa Idu, ko ya bi mota. Wanda aka yi wa tiyata kwana shida da suka wuce ba zai iya wannan jigila ba, dole ya nemi a ɗage masa rana. A nan ne da yawa suke yin asarar ranar, wani lokaci har da kuɗin da suka biya, alhali uzurinsu na gaskiya ne.

Abu na farko da ake tsallakewa shi ne shafin da aka kama ranar. A yawancin ofisoshin nan, mai nema da kansa yake sauya rana a cikin asusunsa, ta maɓallin da aka rubuta `Reschedule` ko makamancinsa, ba tare da ya rubuta wa kowa komai ba. Ana rubuta wa ofishin saƙo ne idan shafin ya ƙi: lokacin sauyawa ya ƙure, ko an cinye adadin sauyin da aka yarda da shi, ko babu gurbi kafin ranar tafiya. Ƙa'idar kowane ofishi daban ce, kuma ana samunta a takardar da ta tabbatar da ranar ko a shafin ofishin, sai a karanta ta kafin a taɓa komai. Matsalar mutanenmu ita ce sau da yawa yaron kafe ko ejan ne ya buɗe asusun da imel ɗinsa. Kana kwance a asibiti, mabuɗin yana hannun wani wanda wayarsa ba ta shiga. Tun ranar da aka cike fom ya kamata ka karɓi imel ɗin da kalmar sirri. Kuma kada ka soke tsohuwar ranar da nufin kama sabuwa daga baya, don gurbin da ka saki wani zai ɗauke shi nan take.

Sai lokacin aikawa. Mutum zai ce bari ya ga ko jikin zai yi sauƙi, har ranar ta wuce. Daga nan an rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba, kuma roƙon gyara abin da ya riga ya wuce ya fi neman ɗagewa wuya nesa ba kusa ba. Ranar da likita ya ce ba tafiya, ranar za a aika. In maras lafiyar ba ya iya rubutu, ɗan'uwa ya rubuta ta imel ɗin da aka yi rajista da shi, ya faɗi ko shi wane ne.

Kuskuren da ya fi yawa yana cikin saƙon kansa. Mun saba da doguwar gaisuwa da kawo bayani daga tushe, sai ka ga shafi guda cike da yadda ciwon ya fara da dare, da yadda aka nemo Keke Napep, da roƙon a dubi Allah, amma babu lambar fasfo ko ɗaya. Ma'aikacin da ya buɗe saƙon ba likita ba ne, ba kuma shi zai auna tsananin ciwon ba. Yana son ya gano fayil ɗinka, ya ga shaidar cewa ba ka iya zuwa, ya san daga yaushe za ka iya.

Mu ɗauki misali. Wata 'yar kasuwa daga Unguwar Rimi tana da ganawa ranar 14 ga Oktoba don bizar Shengen, wato ta shiga wasu ƙasashen Turai, za ta tashi ranar 20 ga Nuwamba. Ranar 8 ga Oktoba aka yi mata tiyatar afendis, likita ya hana ta doguwar tafiya har zuwa 27 ga wata. Da Turanci za a rubuta saƙon, amma ga abin da zai ƙunsa. A kan layin take: neman ɗage ganawa saboda rashin lafiya, cikakken suna, da lambar shaidar ganawar. A ciki kuma:

"Sunana kaza kamar yadda yake a fasfo mai lamba kaza. Ina da ganawa a cibiyarku ta Abuja ranar 14 ga Oktoba da ƙarfe 10 na safe. An yi mini tiyata ranar 8 ga Oktoba a Kaduna, kuma likita ya hana ni tafiya har 27 ga Oktoba. Takardarsa na haɗe. Na gwada sauya ranar a shafinku amma babu gurbi. Ina roƙon a ba ni wata rana tsakanin 28 ga Oktoba da 4 ga Nuwamba, domin zan tashi ranar 20 ga Nuwamba. Ga lambar wayata."

Ranakun nan ba da ka aka zaɓe su ba. Dokar bizar Shengen ta ce a miƙa takardu aƙalla kwana 15 kafin tafiya, wato 5 ga Nuwamba ne iyakarta, kuma duba takardun kan ɗauki kwana 15, yana iya kaiwa 45. Da ta rubuta "duk ranar da ta yi muku", suna iya ba ta 12 ga Nuwamba, ranar da ba ta da amfani a gare ta. Da kuma ta nemi 22 ga Oktoba, ta ƙaryata takardar likitanta da bakinta. A lura an rubuta sunan wata da haruffa: 04/11 a wajenmu 4 ga Nuwamba ne, a wajen Ba'amurke kuwa 11 ga Afrilu.

Takardar likita ita ce ƙashin bayan roƙon, kuma nan ma ana tafka ɓarna. Rasit ɗin kemis da hoton ledar ƙarin ruwa a hannu ba shaida ba ne. Ana son wasiƙa a kan takarda mai kan asibiti, da kwanan wata, da sunan likita, sa hannunsa, hatimi, da lambar wayar da za a iya kira a tabbatar. Layin da ya fi komai muhimmanci a cikinta shi ne wanda ya ce ba za ka iya tafiya ba daga rana kaza zuwa rana kaza. Likitoci kan rubuta sunan ciwo su tsaya, saboda haka ka roƙa a sa wannan layin. Sakamakon gwajin jini da hoton rauni kuma a bar su a gida, ba wanda ya tambaya.

Duba sunan da ke kan wasiƙar tun kana gaban tebur. Mata da yawa katinsu na asibiti da sunan miji aka buɗe shi, fasfo kuma da sunan uba. Wasu ma katin iyali ne guda ake amfani da shi. In sunayen suka saɓa, a idon ma'aikacin wasiƙar ta wani ce daban. Ka tafi da fasfon a kwafi sunan harafi da harafi. A ɗauki wasiƙar da na'urar sikana, ko a yi mata hoto a shimfiɗe cikin haske, hatimin ya fito sarai, a mayar da ita PDF guda.

Wanda kuma lafiyarsa ƙalau, takardun banki ne ba su haɗu ba, ya je aka buga masa wasiƙar asibiti ta bogi, ya sani cewa abin da ya aika yana iya zama cikin fayil ɗinsa. Birtaniya kan hana shiga har shekara 10 saboda yaudara a neman biza, a Amurka kuwa haramcin yana iya zama na har abada.

In an ba da sabuwar rana, a buga sabuwar takardar ganawa, a sake duba abubuwan da ke tsufa: bayanin asusun banki, da hoton fasfo, da inshorar tafiya idan ranar tashi ta motsa. A riƙe asalin wasiƙar likitan a tafi da ita. In kuma shiru ya yi yawa, a tura tuni a ƙarƙashin saƙon farko maimakon buɗe sabo, a ci gaba da leƙa shafin, don gurbi kan buɗe idan wasu suka saki nasu.