In dillali ya nemi la'ada fiye da abin da aka rubuta

Jama'a, a ce an sayar maka da fili a Gusau kan naira miliyan 4, takarda ta ce la'ada kashi 5 cikin 100, wato 200,000, sai dillali ya dawo yana neman 400,000. Kada ka amsa da baki, balle cikin fushi. Rubuta masa: "Malam, na ga saƙonka. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu ta ce kashi 5 ne, kuma a shirye nake in biya 200,000. In akwai inda aka rubuta ƙari, nuna mini." Ka tura kuɗin ta banki, ka ajiye rasit. Kada ka ce "za mu duba", domin gobe zai kira shi alkawari. In ya ƙi, ku je gaban shaidun cinikin.