Yadda na gane ƙasar da asusun banki yake daga lambar IBAN

An turo mini lambar IBAN, wato lambar asusun banki ta ƙasa da ƙasa, da ta fara da CH domin in biya wani kuɗi, sai na zaɓi Sin a fom ɗin banki, amma aka ƙi karɓa, aka ce lambar ba ta dace da ƙasar ba. Kuskurena shi ne na ɗauka haruffa biyu na farko gutsuren sunan ƙasa ne da Turanci, alhali suna bin tsarin gajerun alamomin ƙasashe na duniya da ake kira ISO 3166, wanda a cikinsa CH na nufin Suwizalan, kamar yadda DE ke nufin Jamus, ES kuma Sifaniya. Ita Sin CN ce, kuma ba ta ma amfani da IBAN.

Ban tsaya a kan haruffan kaɗai ba, domin kowace ƙasa mai amfani da IBAN tana da tsawon lambar da aka ƙayyade mata. Na ƙirga haruffa da lambobin, ban da giɓin da ke tsakani, na samu 21, wato daidai da na Suwizalan. Na Jamus 22 ne. Da na sauya ƙasar, nan take fom ɗin ya wuce.

Sai dai haruffan suna nuna inda aka buɗe asusun ne kawai, ba inda mai shi yake zaune ba.