Yadda za ki yi idan jini ya zo bayan ɓatan wata da ciwon mara gefe ɗaya

Kuskuren da na fi gani shi ne mace ta duba audugarta, ta ga jinin kaɗan ne, ta ce ai al'adar ce ta zo a makare. Akwai wadda aka kawo mana asibiti, rabonta da al'ada sati 7. Kwana uku tana ganin ɗigon jini baƙi-baƙi mai ruwa-ruwa, mararta ta dama na soka, tana shan maganin ciwo tana harkokinta. A banɗaki ta yanke jiki ta faɗi. Ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, cikin bututun da ƙwai ke bi, ya fasa shi. Jinin da ke audugarta bai cika cokali biyu ba, sauran duk cikin cikinta ya taru.

Saboda haka ki fara da lissafi daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe. Irin wannan ciki ya fi nuna kansa tsakanin sati 6 zuwa 8. Ki yi gwajin ciki na fitsari nan take, ko da kina tsarin iyali, ko da robar mahaifa ce a jikinki. Idan layi biyu ya fito, komai dishi-dishinsa, asibiti ranar. In babu tsinken gwajin a kusa kada ki tsaya nema, can za a yi miki.

Idan kuwa jiri na ɗibarki in kin miƙe, ko kina zufa mai sanyi, tafin hannu ya yi fari, ko kan kafaɗarki na ciwo ba gaira ba dalili, to da alama jini ya fara zuba a ciki. Shi ne ke taɓo tantanin da ke ƙasan huhu, ciwon ya bayyana a kafaɗa. Sashen gaggawa za a kai ki, asibitin da ke tiyata da ƙarin jini. Ni ba na son a tsaya ƙaramin wuri don rage kuɗi, ƙarshenta gaba za su tura ku. Kada ki tuƙa kanki, kada ki ci ko ki sha komai, wataƙila a shiga tiyata.

Da kin isa, ki ce: "Na yi ɓatan wata, ina jini, marata na ciwo gefe ɗaya." Za a yi hoton mahaifa, wanda ake yi ta cikin al'aura ya fi nunawa. In hoton bai nuna inda cikin yake ba, za a auna sinadarin ciki a jini, a maimaita bayan awa 48, kuma lallai ki koma ko ciwon ya lafa. In ya tsananta kafin lokacin, ki dawo nan take.

Cikin ba ya komawa mahaifa. Idan an gano shi da wuri, wani lokaci allura ta isa. In ya fashe sai tiyata, galibi a cire bututun, kuma ana iya ɗaukar ciki da ɗayan.