Yadda ake koya wa baƙo bambanta wuya da wuya

A rubutun boko kalma ɗaya ce, a baki kuwa biyu ce. Wuyan da ake rataya wa laya yana farawa da karin sama ya sauka ƙasa. Wuya ta wahala tana farawa daga ƙasa ta hau. Mu a Damagaram ba ma tsayawa tunani a kai, tun muna goye kunnenmu ya saba. Amma wanda ya tashi da Faransanci, ko Fillanci, ko Tamajak, harshensa ba ya raba ma'anar kalma da karin sauti, sai kunnensa ya ɗauki hawa da saukar murya a matsayin tambaya ko ƙarshen zance. Babarbare ya fi samun sauƙi, don Barbarci ma yana da karin sauti.

Da farko ku hana shi buɗe baki. Ku faɗi kalmar, shi kuma ya maimaita da gunji kawai, leɓe a rufe, hannunsa yana hawa da sauka tare da murya. Baƙaƙe da wasula su ne ke ɗauke masa hankali. In an cire su, sai karin ya fito fili kamar a kalangu.

Daga nan ku gwada kunnensa. Ku faɗi ɗaya daga cikin biyun ba a jere ba, sau 10. In ya ji gaɓar jiki ya taɓa wuyansa, in ya ji wahala ya kaɗa kai. Kada ku bar shi ya fara furtawa sai ya daina kuskure a nan, domin abin da kunne bai raba ba, baki ba zai raba ba.

Sai a sa kalmar cikin jimla, kuma a nan aikin yake. Mai Faransanci ya saba sauke murya in zai rufe magana. Yana son ya ce lissafi yana da wuya, sai gaɓar ƙarshe ta faɗi, mai sauraro ya ji lissafi ya yi wuyan rataya laya. Ku ɗauki muryarsa a waya ya saurara, ya riƙe “ya” ɗin sama da “wu”.

Akwai kuma abin da ke ruɗa har masu ƙwazo. A jimlar Hausa murya tana gangarowa. Ku ce “Audu ya tafi kasuwa”: duk karin sama da ya biyo bayan na ƙasa bai kai wanda ya gabace shi ba, shi ya sa “wa” ta ƙarshe ba ta kusa da “Au”, alhali duka sama ne. Ku nuna masa ya riƙa auna gaɓa da maƙwabciyarta, ba da farkon jimla ba.

In wannan ya zauna, ku kawo kuka na hawaye, sama da sama, da kukar miya, sama da ƙasa.